Girkin Mutum Shida

Duk manomin da ya taɓa kai kanumfari wajen awo a Wete, a tsibirin Pemba, ya san Malam Kombo Faki, ko yana so ko ba ya so. Shekara talatin da 'yan kai ya yi a bakin sikeli, dogo siriri, da fensir a maƙale a bayan kunne. In ka sauke buhunka zai zura hannu har gwiwa, ya zaro ƙwara ɗaya daga can ƙasa, ya karya ta kusa da kunnensa. In ta ce ƙas, ka tsira. In ta lanƙwasa, to ko kai ne limamin unguwarsu sai ka koma ka ƙara shanyawa. Bai taɓa cin ƙwarar wani ba, bai kuma taɓa yi wa wani alfarmar ƙwara ba, shi ya sa mutane suka yarda da shi ba tare da sun ƙaunace shi ba. Hakan bai dame shi ba. A ganinsa komai na duniya yana da ma'auni, rigimar mutane kuwa duk daga ƙin aunawa take tasowa.

Allah da ikonsa sai ya haɗa shi da Bi Mboja, matar da awonta ke cikin tafin hannunta. Gajeruwa ce mai yawan dariya, ba ta wuce aji huɗu a makaranta ba, kuma babu gidan biki ko na makoki a unguwarmu da ba a ganin ta tsugune gaban tarin albasa. Abin da ta fi shahara da shi filau ne, dafa-dukar shinkafa da nama da kayan ƙamshi. Kowace mace a Pemba tana dafa filau, amma nata daban ne: ja-ja, kowace ƙwarar shinkafa a tsaye ita kaɗai, ƙamshin kanumfari ya taɓa ka ya wuce ba tare da ya zauna maka a harshe ba. Ba ta taɓa dafa shi don kuɗi ba, ba ta kuma taɓa dafa shi a babbar tukunya ba. Tukunyarta ɗaya ce, mai faɗi marar zurfi, ta ɗora ta kan gawayi, in ruwa ya tsotse ta kwashe garwashi ta zuba bisa murfi.

'Ya'yansu biyu suka rayu: Makame, wanda aiki ya kai Mwanza, da autarsu Raya, malamar makaranta. Raya ba ta koyi girkin ba. Kullum tana makarantar kwana, in ta zo hutu uwar ta ce ta zauna ta huta, ai akwai lokaci. Lokacin bai zo ba. Zazzaɓi ya kwantar da Bi Mboja 'yan kwanaki, aka kai ta asibiti, aka dawo da ita a makara.

Al'adarmu ce, in aka yi mutuwa mutanen gidan ba sa hura wuta. Matan unguwa ke zuwa da tukwanensu su ciyar da masu zaman makoki, ranar arba'in kuma su sake haɗuwa su dafa abincin sadaka. Wannan ba taimako ba ne kawai, ramako ne. Bi Mboja ta yi wa kusan kowace ɗayansu. Amma Kombo, da ya ga mata sun cika madafin matarsa, suna taɓa ludayinta, wata ma tana dariya, sai abin ya gagare shi haɗiyewa. Ranar arba'in da suka zo da itace da tukwane, suka tarar ya sa wa madafin kwaɗo. Ya tsaya a ƙofa ya ce musu ya gode, ya riga ya sayi abincin sadaka a kasuwa. Suka juya da tukwanensu a ka. Daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita ma daga nesa. Shi yana ganin ya kare kayan matarsa ne, su kuwa suna ganin ya hana su yi wa ƙawarsu abu na ƙarshe da ya rage.

Bayan shekara biyu wani malamin makaranta ɗan Tanga ya nemi auren Raya, aka ba shi. Ranar da aka sa rana, bayan baƙi sun watse, Kombo ya tarar da ita zaune a bakin madafin nan da ke kulle.

"Lafiya, auta?"

"Lafiya, Baba. Kawai na tuna Mama ce. Kullum cewa take, ranar aurena ko mutum dubu ne sai sun ci filau ɗinta."

Kombo bai iya rarrashi ba, bai taɓa koya ba. Abin da ya iya shi ne ya faɗi magana ya cika ta. Ya ce, "Za su ci."

"Baba, wa zai dafa?"

"Na ce miki za su ci."

Ba iska ya dogara da ita ba. Ya tuna lokacin da Makame ya fara aiki a Mwanza yana kukan abincin can, uwar ta zauna ta rubuta masa yadda ake filau a takarda. Aka kira Makame, ya binciko ta, ya ɗauki hotonta ya turo wayar Raya. Hoton farko inuwar hannunsa ta rufe rabin rubutun, Kombo ya sa ya fita rana ya sake ɗauka. Sa'annan ya kai aka wanke masa hoton a babbar takarda, don shi ba ya yarda da abin da ba zai iya sa wa fensir ba.

Ya daɗe yana kallon ta kafin ya fara karantawa. Rubutunta ne, manyan haruffa masu gangarowa ƙasa a ƙarshen layi, ga tabon mai a gefe. A sama ta rubuta: na mutum shida. Shinkafa kofi huɗu. Nama rabin kilo, a tafasa da citta da tafarnuwa. Albasa uku, a soya har ta yi ja sosai. Kanumfari takwas, kirfa sanda biyu, masoro da sauran kayan ƙamshi. Romo da madarar kwakwa, a haɗe kofi takwas. Gishiri kuwa cewa ta yi, yadda ka sani.

Ya buɗe madafin a karo na farko, ya ɗauko kofinta na tasa mai karyayyen hannu, ya cika shi da shinkafa ya ɗora a ƙaramin sikelinsa. Kofi huɗu kilo ɗaya ne. Baƙi ɗari uku ake tsammani. Ɗari uku a raba shida, hamsin. Shinkafa kilo hamsin, buhu guda ke nan cif. Nama kilo ashirin da biyar, albasa ɗari da hamsin, kanumfari ɗari huɗu, ruwa kofi ɗari huɗu. Lissafin ya fita tas babu saura, har ya ji wani sanyi a ransa, ya ce ashe abin da mata ke ta kambamawa bai wuce wannan ba. Da ya zo kan lokaci ne kawai fensirin ya tsaya. Ta rubuta a bar ta kan wuta kamar rabin awa. In aka ninka sau hamsin ya zarce kwana guda, ko shi ya san wannan ba magana ba ce. Ya ja layi ƙarƙashin wurin ya wuce.

Amma mai awo ba ya karɓar buhu bai zura hannu ba. Ya yanke shawarar gwadawa da ninki goma wata Juma'a, ya kai masallaci sadaka. Ya ari tukunya mai zurfi, ya kafa murhu a tsakar gida, Raya na yanka albasa talatin tana hawaye, shi yana karanto takarda. Tun daga albasar abin ya fara ƙi. Da ya juye ta gaba ɗaya cikin mai, maimakon ta soyu sai ta saki ruwa, ta yi ta dahuwa fari fat. Ya gaji da jira ya ci gaba. Ya zuba ruwa kofi tamanin, yana ƙirgawa da ƙarfi. Abin da ya sauke daga ƙarshe ba shi da suna. Ƙasa ya kama, tsakiya ya caɓe kamar fate, ga shi fari kamar marar lafiya, kanumfari kuwa ya kashe harshe. Mutanen masallaci suka ci don kunya. Ladan ya ce, "Allah ya karɓa, Malam," ya sha ruwa kofi biyu.

Raya ta ce, "Baba, ka bar shi. Wallahi ban riƙe ka da maganar nan ba."

"Ni na riƙe kaina."

Washegari ya tafi wajen Shaame, mai dafa abincin biki, wanda manyan tukwanensa ke jingine a bangon gidansa, kowace yaro zai iya wanka a ciki. Shaame ya karɓi takardar da hannu biyu, don ya san mai rubutun. Ya karanta, ya duba lissafin da ke gefe.

"Lissafinka daidai ne, Malam. Tukunya ce ba ta je makaranta ba. Ka ga kofi takwas ɗin nan? Ba duka shinkafa ke sha ba. Ta sha nata, saura ya tashi sama. To tururi ta baki yake fita. Ka ninka shinkafa sau hamsin, bakin tukunya ya ninku sau hamsin?"

"Bai ninku ba."

"To ruwan da ya kamata ya tashi sai ya zauna ya jiƙa maka abinci. Ni a buhu guda sai na rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan nan. Albasa kaɗan-kaɗan nake soyawa in kwashe. Kanumfari ba na kai rabin abin da ka rubuta, don babbar tukunya na daɗewa a wuta, shi kuma in ya daɗe ɗaci yake saki."

Kombo ya rubuta duka. Ya ji daɗin bayanin, don bayani ne mai dalili. Ya ce, "To ka dafa mana."

"Zan dafa, kuma ba za ka ji kunya ba. Amma kada in cuce ka: filau ɗin Shaame za a ci. Nata tsayinsa a tukunya bai wuce tafin hannu ba, wuta sama wuta ƙasa, zafi ya ratsa shi lokaci guda. Nawa kamu guda ne, na sama na danne na ƙasa, sai na juya da muciya mai tsawon mutum. Mai daɗi ne, amma wanda ya san nata ba zai ce shi ne ba."

Da a ce wani ne, nan zai tsaya. Wa zai tuhume shi? A kira shi filau ɗin Bi Mboja, mutane su ci su yi addu'a. Sai dai Kombo ya yi rayuwarsa yana mayar da buhun da aka sa busasshe a sama, ɗanye a ƙasa, ba zai iya yi wa 'yarsa irin wannan ba.

Ya koma gida ya tambayi kansa wata tambayar: har ninki nawa girkin ke jurewa kafin ya zama wani abu? Makonnin da suka biyo baya, unguwa ta yi ta shaƙar ƙamshi daga gidan da aka saba ganin shiru. Ya fara da na mutum shida a tukunyarta, yadda ta rubuta. Ya fito kusa, har Raya ta ajiye cokali ta shiga ɗaki. Ninki biyu ya yi kyau. Ninki uku, a tukunya mai faɗi, da ya rage ruwa daga kofi ashirin da huɗu zuwa ashirin da ɗaya, kanumfari kuma ya tsaya a ashirin, shi ma ya tsaya da ƙafarsa. Ninki huɗu ya fara danƙarewa a ƙasa. Iyakar ke nan: kilo uku a tukunya ɗaya. Buhu guda kuwa, in za a dafa shi kilo uku-uku, tukunya goma sha bakwai yake nema, da murhu goma sha bakwai, duk a safiya ɗaya, da hannu goma sha bakwai da suka san lokacin da albasa ta yi ja ba ta ƙone ba.

Ya san inda hannuwan suke. Kullum yana wuce ƙofofinsu in zai tafi masallaci. Ga kuma gishiri, wanda har yanzu yake lalube, yau ya yi yawa gobe ya gaza, don “yadda ka sani” an rubuta ta ne ga wanda ya sani.

Kwana biyu yana kai-kawo a tsakar gida. A na uku da hantsi ya sa farar riga da hula, ya naɗe takardar, ya nufi gidan Bi Mashavu. Ita ce babbar ƙawar marigayiyar, ita ce kuma ke gaba ranar da ya mayar da su daga ƙofa. Ya same ta tana kankarar kwakwa a bakin ƙofa. Ya yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba.

"Baban Makame. Yau ɓatan hanya aka yi?"

"Wajenki na zo."

"Ikon Allah. Ba dai kanumfarina ne bai bushe ba?"

Ya miƙa mata takardar. Ta goge hannu a zani ta karɓa da niyyar ƙara masa wata, amma da idonta ya sauka kan rubutun sai ta fasa. Ta daɗe tana shafa tabon man da yatsa, kamar ba hoto ba ne.

"Ji rubutu kamar kaza ta yi tono," in ji ta. "Kullum ina ce mata."

Ya yi mata bayani a tsaye, da alkawarin da ya yi, da ɓarnar masallaci, da maganar Shaame, da tukunya goma sha bakwai. Ta bar shi ya gama.

"Mun ji labarin masallaci. Mijina har yau bai daina zancen ba. Mun kuma ji ka je wajen Shaame. Muka ce to, uwar an saya mata na kasuwa, 'yar ma za a saya mata." Ta ɗago ta dube shi. "Ka san abin da ka yi mana? Matar nan ita ta wanke uwata. Kwana uku tana gidan nan tana hura wuta. Ranar da zan rama, ka sa kwaɗo."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Da ka sani da ba ka yi shekara biyu ba."

Gaskiya ta faɗa. Ya ce, "Ban iya ganin wani hannu a kan ludayinta ba ne. Ba hujja ba ce. Ku yafe mini. In ba za ku yi don ni ba, ku yi don yarinyar."

"Kai wa zai yi don kai?" Ta share ido da gefen mayafi. "Amma ba ni zan tara maka su ba. Yadda ka kore mu da bakinka, haka za ka bi ƙofa-ƙofa da ƙafarka."

Ya bi. Mutumin da manoma ke cire wa hula ya tsaya a ƙofofin mata yana jiran a gama wanki a saurare shi. Wata ta bar shi a rana, wata ta yi masa tatas, wata tun bai buɗe baki ba ta fashe da kuka. Biyu suka ƙi, kuma ba a ga laifinsu ba. Aka cike gurbinsu da surukan Bi Mashavu. Raya ta tura hoton wayoyinsu, rubutun Bi Mboja ya shiga gida goma sha bakwai.

Saura gishiri. Bi Mashavu ta zo gidan, ta tsaya a ƙofar madafin sai da ya ce mata ta shiga. Ta ce ta sha ganin yadda Mboja ke ɗiba: yatsu huɗu sau biyu ga tukunyar gida, ta ɗanɗana romon, sai ya ɗan fi yadda ake so gishiri kafin shinkafa ta shiga, don shinkafa za ta shanye. Kombo ya sa ta ɗiba a kan sikeli, ta sake, ta sake, ya ɗauki tsakiya ya ninka uku.

"Yatsunki sun fi nata kauri," ya ce.

"To rage kaɗan, sarkin awo. Amma ka gaya musu kowa ta ɗanɗana romonta. Ba sikeli zai ci ba."

Jajibirin biki ya shimfiɗa tabarma ya yi aikin da ya iya. Kowane gida shinkafa kusan kilo uku daga buhu ɗaya, don tsohuwar shinkafa da sabuwa ba shan ruwansu ɗaya ba. Albasa tara, ƙullin kayan ƙamshi, ƙullin gishiri, kwakwa, gawayi, da gwangwanin madara da ya yi wa zane daidai cikin kofinta. Nama kilo ɗaya da rabi aka raba da safe. Ya duba tukwanensu ɗaya bayan ɗaya, wadda tata ta cika zurfi ya nemo mata mai faɗi. Suna ta yi masa tsiya yana shanyewa.

Ranar biki, tun da hantsi hayaƙi ya tashi daga gidaje goma sha bakwai, unguwar gaba ɗaya ta ɗauki ƙamshi ɗaya. Tsofaffi suka riƙa tsayawa a hanya. Bayan azahar, an ɗaura aure, sai ga matan a jere, kowace da tukunya a ka an naɗe ta da zani don kada ta huce. Aka buɗe, aka juye a manyan farantai, maza suka zauna biyar-biyar a kan tabarmi, mata a cikin gida. Launin ya yi, ƙwarar a tsaye take. Abinci ya isa kowa har da ragowa.

Amma Kombo bai samu natsuwa ba. Yana zagawa tsakanin tabarmi da butar wanke hannu, kowa ya ce masa, "Malam, wannan ai nata ne sak, Allah ya jiƙanta." To me za su ce? Duk sun san labarin, sun ga yadda ya bi ƙofofi, tausayi ne ke magana. Raya ta aiko daga ɗaki cewa shi ne, amma Raya ko fate ya kai mata haka za ta ce. Ya ɗanɗana da kansa bai gane komai ba. Gwaje-gwajen makonni sun cinye masa ɗanɗanon da yake nema, har ya fara tsoron ko ya manta shi ne. Baƙin ciki ya kama shi a tsakiyar bikin 'yarsa. Ya yi alkawari, kuma babu sikelin da zai gaya masa ko ya cika.

Yana tsaye a gefe sai ya ji an ja masa riga. Wani tsoho ne cikin dangin ango, waɗanda jirgin ruwa ya kawo daga Tanga da safiyar nan. Kurma-kurma ne, yana magana da ƙarfi, yana suɗe yatsu.

"Kai ne uban amarya? Ba kai ne mai awon kanumfari ba?"

"Ni ne, Baba."

"Na ce! Tun ɗazu nake kallon ka. Ba za ka tuna ni ba, an fi shekara ashirin. Na zo da jirgin kaya, iska ta hana mu tashi, na kwana a bakin ma'aunarku. Ka ga ban ci komai ba ka ja ni gidanka. Fuskarka ta ɓace mini, ba zan yi maka ƙarya ba. Loma ɗaya na kai, na ce wa yaran nan, ni na taɓa cin abincin gidan nan." Ya nuna farantin da ya share tas. "Mutum ɗari uku, amma kamar ta dafa wa mutanen gida. Mu a Tanga in taro ya yi yawa abinci lalacewa yake."

Na kusa da shi ya fara taɓa shi yana son ya yi masa raɗa, tsohon ya ture hannun.

"Bari in gama. Ka shiga ka gaishe mini da uwargida. Ka ce baƙon nan na Tanga da ya ƙara sau biyu bai ji kunya ba, yau ma ya ƙara. Ka ce hannunta na nan yadda na san shi."

Kombo ya tsaya da buta a hannu. Ya buɗe baki zai faɗa masa gaskiya, kamar yadda ya saba faɗa wa kowa komai ɗacinta, sai ya fasa. Ya durƙusa, ya zuba wa tsohon ruwa a hannu har ya gama wankewa, hawaye na sauka cikin gemunsa.

"Za ta ji, Baba," in ji shi.